Jawabin Yaye Ɗalibai Amana Ce a Wuyan Shugaba

Al'ada ce a makarantunmu na gaba da sakandare idan an zo yaye ɗalibai a ba shugaban ƙungiyar ɗalibai 'yan mintoci ya karrama masu fita. Abin takaici, sau da yawa rabin lokacin kan ƙare wajen jero muƙaman manyan baƙi da yi musu kirari, sauran kuma a cika shi da cewa masu fita su ne manyan gobe. Mu a ganinmu wannan tauye haƙƙi ne. Shugaban makaranta yana da nasa jawabin, babban baƙo ma haka. Mutum ɗaya tak aka ba dama ya yi magana da yawun ɗalibai, don haka wajibinsa ne ya faɗi abin da su suka gani.

Mu ɗauki misalin ɗalibin da ya shiga jami'ar gwamnatin tarayya a Nijeriya a shekarar 2019 domin karatun shekara 4. A 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i, wato ASUU, ta shiga yajin aiki daga watan Maris har zuwa Disamba. A 2022 aka sake wani, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Jimilla kimanin wata 17 ke nan yana zaune a gida. Wanda ya kama ɗaki a wajen makaranta ya biya hayar ɗakin da bai kwana a ciki ba. Wanda kuma jinkirin ya sa ya haura shekara 30 kafin ya kammala, takardar ɗauke nauyi za a ba shi maimakon ya tafi hidimar ƙasa. To, shugaban da ya tsaya gaban irin wannan aji bai ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, wa ya karrama?

Wani zai ce ranar farin ciki ce, bai kamata a tayar da tsohon miki ba. Amsarmu ita ce, ambaton wahala ba zagi ba ne, kuma ba ya buƙatar a kama sunan kowa. Hasali ma, yabon da bai nuna abin da aka jure ba, yabon maroƙa ne, wanda zai dace da kowane aji a kowace shekara.

Haka nan ya tuna da waɗanda aka fara tare amma ba su ga ranar ba: wanda ya rasu, da wanda rashin kuɗin rajista ya mayar gida, da wanda darasi ɗaya ya riƙe sai baɗi. Sannan ya gaya wa masu fita, a taƙaice, inda kuɗin ƙungiya da suka yi ta biya ya shiga, domin bayan wannan rana ba su da sauran zarafin tambaya.

Allah Ya sa mu dace, amin.