Filin Na'urorin Zamani: Abin Da Ke Sa Tsofaffin Wasanni Ɗingishi A Waya

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Nyanya, ta ratsa Jikwoyi da Kurudu ta nufi Karshi, in ya tsaya a Orozo da yamma ba zai rasa ganin samari a bakin rumfunan cajin waya ba, kowa ya riƙe wayarsa a kwance yana buga wasa. Galibin wasannin nan ba don waya aka yi su ba. Na wata ƙaramar na'ura ce mai suna PSP, wadda kamfanin Sony ya fitar a Japan cikin 1994 da goma, watau 2004. Abin da ke ba waya damar buga su kuwa wata manhajar kwaikwayo ce, PPSSPP, wadda wani mutumin Sweden, Henrik Rydgård, ya soma fitarwa a 2012. Aikinta shi ne ta sa waya ta yi shigar burtu, har wasan ya zaci a cikin na'urarsa ta asali ya ke.

Kukan da aka fi ji shi ne wasa yana ɗingishi, murya tana kakkaryewa kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Daga nan sai yaro ya yanke hukunci wayarsa ba ta da ƙarfi, ya shiga matsa wa iyaye ko ya ci bashi don ya sake wata. Sau da yawa kuwa laifin ba na wayar ba ne, na saiti ne.

Kafin a taɓa komai, wajibi ne a sa manhajar ta riƙa nuna alƙalumanta a kusurwar allo. Ana kunna wannan a sashen Graphics, inda aka ambaci FPS da Speed. Abubuwa biyu ne dabam, kuma rikita su shi ne tushen ɓata. FPS shi ne yawan hotunan da ake zanawa cikin daƙiƙa guda. Speed kuwa shi ne saurin tafiyar wasan in an gwada shi da na ainihin PSP. Wasanni da yawa an gina su ne a kan hoto 30 a daƙiƙa, saboda haka wanda ya ga 30 alhali Speed na nuna 100%, lafiya lau ya ke, babu abin gyara. Amma in Speed ya sauka zuwa 70%, to, lokacin wasan ne kansa ke tafiyar hawainiya, shi ya sa murya ke yankewa.

Sai a nemi inda ciwon ya ke. A cikin kowace waya akwai sashen lissafi, wanda ke kwaikwayon ƙwaƙwalwar PSP, akwai kuma sashen zane, wanda ke fitar da hoto. Ɗayansu ne ke gazawa, kuma akwai gwaji mai sauƙi da ke tona asirinsa, watau a rage Rendering resolution zuwa 1x, a koma daidai wurin da wasan ke ɗingishi.

Dalili kuwa shi ne, hoton PSP na asali ɗigo 480 ne a faɗi, 272 a tsaye, jimla 130,560. Idan aka zaɓi 2x, faɗi da tsayi duka ake ninkawa, sai aikin ya ninka sau huɗu. A 3x sau tara ne, a 4x kuwa sau 16, watau ɗigo fiye da miliyan biyu a kowane hoto. Mutane da yawa sun ɗauka daga 2x zuwa 4x ninki biyu ne kurum. Ba haka ba ne.

A ɗauki misalin waya irin masu sauƙin kuɗin nan na Tecno ko Infinix ko itel, mai allo 720 da 1600, an sa mata God of War: Chains of Olympus, wasan 2008, wanda ya yi suna wajen wahalar da waya. A ce mai ita ya sa 4x, Speed na tsaye a wajen 60%. In an kwantar da wayar nan tsayin allonta ɗigo 720 ne, alhali 4x na zana layi 1088. Ke nan wayar na zana abin da allonta ba shi da wurin nunawa, sannan ta matse shi. Ko 3x mai layi 816 ya zarce allon. To, in aka sauko 1x aka ga Speed ya haye 100%, an kama ɓarawo, sashen zane ne aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinsa. Sai a hau 2x, mai layi 544, a gwada a wurin da faɗa ya fi zafi, ba a farkon wasa inda babu motsi ba. In ya riƙe, nan ne matsayar wannan waya.

In kuwa an sauko har 1x amma alƙalami bai motsa ba, rage hoto ba zai yi magani ba. A nan ne ake duba Backend, watau hanyar da manhajar ke bi ta isar da umurni ga sashen zane. A wayoyin Android biyu ne, OpenGL da Vulkan. Vulkan ne sabo, an fitar da shi a 2016, kuma ya fi rage wa sashen lissafi wahalar aika umurni, saboda haka shi ya kamata a fara gwadawa. Sai dai a wasu tsofaffin wayoyi ba a gyara masa hanya sosai ba, akan ga launi ya birkice, ko allo ya yi baƙi, ko manhajar ta rufe kanta. Mai irin wannan ya koma OpenGL, ba abin kunya ba ne. Ya kuma leƙa Developer tools ya tabbata CPU core na kan Dynarec (JIT), domin in wani mai karambani ya mayar da shi Interpreter, babu dabarar da za ta yi amfani.

Frame skipping shi ne makami na ƙarshe, ko da ya ke samari shi su ke fara ɗauka. In an sa shi a 1, ana zana hoto guda a tsallake guda. Wasa mai hoto 60 ya koma 30, wanda ido ke iya jurewa, amma mai 30 ya koma 15, kuma a wasan ƙwallo wannan ya isa a ci mutum bai ga inda ƙwallo ta bi ba. Wuce 1 ɓarna ce. Haka kuma Skip buffer effects na ƙara sauri, amma wasu wasannin sai hotonsu ya ɓace gaba ɗaya. Duk wanda ya kunna shi ya ga duhu, ya san abin da zai kashe.

Akwai kuma ciwon da ba ya cikin saiti ko kaɗan. In wasa ya fara sumul, bayan minti goma ko ashirin ya soma ja da baya a wurin da ɗazu ya wuce lafiya, zafi ne. Waya in ta ɗau zafi takan rage wa kanta gudu don kada ta lalace. A watan Maris da Afrilu, ƙarƙashin rufin kwano, ga waya a jikin caji, ga ta cikin rigar roba, wannan ba ya ɗaukar lokaci. Sai a cire caji da rigar, a kashe tsarin tattalin batir wanda shi ma ke daƙile gudu, a rage hoto da mataki guda. Wayar da ke ɗaukar 3x da sanyin asuba, mai yiwuwa 2x kaɗai za ta iya da azahar.

Abu guda ake sauyawa a lokaci guda, a gwada, a dubi alƙalami, kana a taɓa na gaba. In an dace, manhajar na ba da damar ajiye wa kowane wasa saitinsa ta hanyar Create game config, yadda wanda aka yi wa God of War ba zai rage wa ƙaramin wasa kyan hoto a banza ba.