Zaman Maƙwabtaka: Kafin Ki Sa A Toshe Rariya

  

A wannan wata zan yi magana ne a kan ruwan da ke bi ta tsakanin gida biyu. Mu ne muke wuni a gida, mu ke wanki da wanke-wanke, mu ke ganin ruwan maƙwabta yana kwararowa tsakar gidanmu, kuma sau da yawa mu ke zuga maigida ya ɗauki mataki. Saboda haka ya kamata mu san matakin da shari'a ta yarda da shi, da wanda zai mayar da mai gaskiya mai laifi.

A daminar da ta wuce wata ɗalibata ta ajin matan aure ta same ni bayan an tashi, idonta ya yi ja. Ta ce, "Malama, katangarmu ta faɗi, kuma wai mu za mu biya, alhali mu aka cuta."

Ga yadda abin ya faru. Gidansu yana gangare, na maƙwabtansu yana tudu, katangar ƙasa ce ta raba su. A gindin katangar akwai rariya tun zamanin kakanni, wadda ruwan sama na gidan tudu ke bi ya ratsa gefen tsakar gidansu ya faɗa kwata. Ba a taɓa faɗa a kanta ba, don ruwa ne na 'yan watanni, yana wucewa ƙasa ta bushe. Sai maƙwabcin ya haƙa rijiyar burtsatse, ya daɓe tsakar gidansa da siminti, ya zuba 'yan haya ɗaki uku. Daga nan rariyar ta daina bushewa. Ruwan wanki da na wanka da dauɗar tukwane suka riƙa kwarara rani da damina, ga wari, ga sauro. Ta yi wa uwargidan can magana sau biyu, aka ce za a gyara, ba a gyara ba. Ran nan ta fusata, ta matsa wa maigidanta, ya kwaɓa siminti ya liƙe rariyar. Da aka yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta, ruwan ya rasa hanya, ya kwanta a gindin katangar kwana biyu, ta jiƙe ta zube. Allah ya tsare, ba yaro a wajen.

Da magana ta je gaban mai unguwa da liman, tambaya uku aka yi. Su ne kuma alƙali zai yi in an je kotu, don haka ki riƙe su.

Ta farko, wane irin ruwa ne, kuma tun yaushe yake bi ta nan? Tushen hukuncin shi ne hadisin da ya hana cutar da mutum ya kuma hana rama cuta da cuta, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. A kansa malaman Malikiyya suka bambanta tsohon haƙƙi da sabuwar cuta. Hanyar ruwan sama da aka tarar tun fil azal, ba wanda ya san farkonta, ana barinta yadda take, mai gidan gangare ba shi da ikon toshe ta ko da tana damunsa. Amma wannan haƙƙi na ruwan sama ne kawai. Ba ya ba wa mai gidan tudu damar ƙara ruwan wanki da na makewayi a kai, wannan sabon abu ne, kuma ana hana shi. Kin ga ke nan ɗalibata tana da gaskiya a kan ruwan dauɗa, ba ta da ita a kan toshe rariyar gaba ɗaya. Da siminti ɗaya suka toshe abin da ya halatta su hana da abin da bai halatta ba.

A nan akwai wani abu da mata da yawa ba su sani ba, wato shiru yana iya cinye haƙƙi. A littafin Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim, wanda alƙalanmu ke yawan komawa gare shi, wanda aka ƙirƙiro wa cuta yana nan yana gani, ya yi shiru shekara 10 ba tare da uzuri ba, ba a sauraron ƙararsa bayan haka. Wasu malamai sun cire irin cutar da ke ƙaruwa kullum, kamar ta masai, suka ce daɗewa ba ta halatta ta. Duk da haka kada ki dogara da saɓanin malamai. In maƙwabci ya juyo da indararo yana zuba a ɗakinki, ko ya huda sabuwar rariya, a yi magana tun a daminar farko, a gaban shaidu. Haƙuri abu ne mai lada, amma a faɗa a fili cewa ara aka yi, ba a bayar ba.

Tambaya ta biyu, katangar ta wa ce? Kowane gida ya ce tasa ce tun tana tsaye, da ta faɗi kuwa kowa ya ce ta ɗan'uwansa ce. In babu takarda ko shaidu, Risala ta Ibn Abi Zaid ta nuna ana duba ginin kansa, a ga ɓangaren da katangar ta sarƙu da shi. Shi ya sa ake kiran tsohon magini. Zai duba kusurwa ya ga ko katangar ta haɗe da ɗakin wani gida tun daga tushe, alamar tare aka gina su, ko kuwa jingina ta kawai aka yi. Zai duba azarar wa ke kanta, da ɓangaren da alkuki yake fuskanta. A gidan ɗalibata an tarar azarar kicin ɗin kowane gida tana kanta, ba ta kuma sarƙu da ɗakin kowa ba. Aka ce ta tarayya ce.

Sanin wannan yana da amfani, don hukuncin ya bambanta. A Muhtasar na Shehu Halil, mai katanga in ya rushe ta da gangan don ya tona asirin maƙwabci, ana tilasta masa ya mayar. In kuwa da kanta ta faɗi, ba a tilasta masa, sai a ce wa maƙwabcin ya yi wa kansa shamaki. Haka kuma in gyaran katanga ba zai yiwu ba sai an shiga ta gidanki, ba a hana magini shiga, sai dai a yi sallama a ba ku lokaci ku kintsa.

Tambaya ta uku, me ya kayar da ita? Maginin ya nuna musu cewa gindin katangar ya riga ya zaizaye tun kafin a toshe, saboda ruwan sabulu na shekara biyu, toshewar ce ta ƙarasa ta. Ashe laifin na kowa ne. Aka yi sulhu kamar haka: za a buɗe rariya don ruwan sama kaɗai, a sa bututu mai faɗin inci 4 da zai kai ruwan har kwata ba tare da ya taɓa gindin gini ba. Mai gidan tudu zai haƙa ramin sokawe a cikin gidansa, nesa da katanga da rijiya, don ruwan 'yan hayarsa, shi ne kuma zai sayi bututun. Kuɗin katanga aka raba biyu. Aka rubuta, mazan biyu da shaidu biyu suka sa hannu, kowane gida ya riƙe kwafi, mai unguwa ya riƙe ɗaya. Ɗalibata ta ce, "Malama, da mun san haka, da ko sisi ba mu biya ba." Gaskiya ta faɗa. Da sun kai ƙara rariyar tana buɗe, da nauyin duka yana wuyan maƙwabcin.

To 'yar'uwa, in irin wannan ta same ki, ga yadda za a bi. Ki fara lura da katangar. In kin ga layin damshi ya hau sama da gwiwa, ko farin gishiri-gishiri yana fitowa, ko yaɓe yana ɓamɓarewa daga ƙasa, ko tsaga tana ƙara buɗewa, to katanga tana shan ruwa. Ki janye shimfiɗar yara da murhu daga gindinta tun a ranar. Ki ɗauki hoto da waya lokacin da ruwan ke gudu, musamman da rani, don ruwan da ke gudu a watan Maris ba wanda zai ce na sama ne. Sannan ki yi wa uwargidan can magana ke da ita, ba ta bakin yara ba, ba kuma da habaici ta kan katanga ba. In ba a ji ba, maza su zauna. In ta faskara, sai mai unguwa da liman, daga nan dagaci ko hakimi. A jihohin da ke da Hisba, kamar Kano inda aka kafa hukumar da doka a 2003, su ma suna zaman sulhu irin wannan.

In ruwan mai wari ne ko na masai, akwai hanyar da ta fi sauri, wato ofishin duba-gari na ƙaramar hukuma. Suna zuwa su gani, su ba mai laifi takardar gargaɗi da wa'adin gyara, in ya ƙi su gurfanar da shi. Wannan takarda hujja ce mai ƙarfi a hannunku ko da an je gaba.

Kotu ita ce ta ƙarshe. A kotun shari'a mai ƙara ne ke kawo hujja, don haka a tafi da shaidu, da hotuna, da takardar duba-gari ko ta sulhun da aka karya. A kuma bayyana abin da ake nema dalla-dalla: a kau da cutar, a hana maimaita ta, a biya ɓarnar da aka yi. Alƙali yana iya zuwa ya gani da idonsa ko ya tura masana gini. Sai dai in rigimar ta koma ta mallakar filin kansa, kuma filin yana da takardar mallaka ta gwamna, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba Babbar Kotu hurumin sauraro, a nan sai an nemi lauya. Har a gama shari'a kuma kada a toshe komai, kada a fasa komai, kada maigida ya haura gidan mutane da diga, domin ɓarnata dukiyar wani da shiga gidansa ba izini laifi ne da zai iya kai shi hannun 'yan sanda.

Daga ƙarshe, mu ma mu duba namu. Yau in kin gama wanki, ki bi ruwan da ƙafarki ki ga inda yake ƙarewa. Ki kwashe leda da ɓawon albasa daga bakin rariya, ki sa 'yar raga ta tare su, kada su tafi su toshe kwatar ƙofar wani. Ɗalibata da maƙwabciyarta yanzu sun koma aika wa juna tuwo, amma sai da aka yi wata huɗu ba a gaisawa, yara ma aka hana su wasa tare.

Allah ya ba mu maƙwabta nagari, ya sa mu ma mu zama nagari gare su. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.