Sharhi: Wa ke biyan kuɗin shari'a bayan an yanke hukunci?

A kotunan Nijeriya, ƙa'ida ita ce wanda aka kayar a shari'ar neman haƙƙi shi ke biyan ɗawainiyar ƙara ga wanda ya yi nasara. Sai dai alƙali ne ke yanke adadin, kuma abin da yakan yanke bai cika kusantar abin da mutum ya kashe ba.

Babban giɓin yana wajen ladan lauya. A shari'ar kamfanin Guinness da Nwoke a 2000, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙi yarda a ɗora wa abokin shari'a wannan nauyi. Wasu hukunce-hukuncen da suka biyo baya sun sassauta, bisa sharaɗin a nemi kuɗin tun a takardar ƙara, a kuma kawo shaidar biya. Saboda haka, rasit abin adanawa ne.

A ƙaddara ɗan kasuwa yana bin bashin naira miliyan 2. Lauya ya karɓi 500,000, rajistar ƙara da kai sammaci da zirga-zirgar shaidu suka ci 150,000. Ya yi nasara, alƙali ya ƙara masa 100,000 na ɗawainiya. Ke nan miliyan 1.45 ce ta rage masa, idan ma ba a ɗaukaka ƙara ba. Da tun farko an yi masa tayin sulhu a kan miliyan 1.6, da karɓa ta fi.

Ga irin wannan bashi, kotun ƙananan ƙararraki, wadda Legas ta fara kafawa a 2018, ta fi sauƙi, domin mai ƙara na iya tsaya wa kansa ba tare da lauya ba.