Wasiƙar wata uwa ga ɗanta da cacar waya ta cinye wa albashi

Ya 'yan uwa matasa, akwai wata wasiƙa da ya kamata kowannenmu ya ji, wadda wata dattijuwa ta sa aka rubuta wa ɗanta na fari, ma'aikaci mai albashin Naira 70,000, bayan wata biyu bai aiko mata da kuɗin cefane ba. Da yardarta na kawo wani sashe. Saboda alkunya ba ta ambaci sunansa ba, ta ce:

"Babana, ƙanenka ya faɗa mini inda albashinka ya tafi. Ban yi kukan cefanen ba, Allah bai hana ni tuwo ba. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne da aka ce kana neman rance domin ka dawo da abin da aka cinye maka. Wannan kuɗi ka ɗauka sun faɗa rijiya, kada ka bi su. Ka rubuta duk wanda yake bin ka bashi ka kawo mini. In albashi ya shigo, ka miƙa wa kawunka ya riƙe, ya riƙa ba ka na mako-mako. Ka rufe asusun cacar, ka goge abin daga wayarka a gabansa. Na yafe maka na baya, saura ka nemi gafarar Ubangijinka."

A ganina wannan uwa ta gano inda ciwon yake, kuma lissafi ma yana bayanta. A ce wasa ne wanda ɓangarori biyu suke daidai wa daida, manhajar ta sa wa kowanne lambar ninki 1.90. Mutum biyu suka zuba Naira 1,000 kowanne, ɗaya nan, ɗaya can. Kamfani ya karɓi 2,000, ya biya wanda ya ci 1,900, ya soke 100 a aljihu. Ko wa ya ci, kamfani ya riga ya cire kashi 5 cikin 100.

To, ina ga mai haɗa wasanni 10 a tikiti ɗaya? Manhajar za ta nuna masa cewa 1,000 za ta zama kusan 613,000, nan take idonsa ya rufe. Abin da ba za ta nuna masa ba shi ne, damar cin duka goman ɗaya ce cikin 1,024. Ke nan in mutum 1,024 suka yanki irin wannan tikiti, kowa da zaɓinsa daban, za a tara 1,024,000, a ba mutum ɗaya 613,000, saura sama da 400,000 na kamfani ne. Hoton wanda ya ci ake yaɗawa, sauran 1,023 kuwa kowa ya yi gum.

Yanzu mu zo ga bin asara, wanda uwar ta fi jin tsoro. Ɗan nata ya fara da 1,000, aka cinye, ya ce bari ya ninka ya farfaɗo. Ya zuba 2,000, sai 4,000, sai 8,000, sai 16,000, sai 32,000. Faɗuwa 6 a jere ta lashe 63,000, ya rage da 7,000, alhali zubi na gaba yana bukatar 64,000. Daga nan ne rance yake shigowa. Irin wannan faɗuwa a jere kuwa tana zuwa kamar sau ɗaya cikin 64, kuma mai yi kullum dole wata rana ta same shi.

Allah Maɗaukaki Ya haɗa caca da giya a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, Ya umarce mu da nisantarsu, Ya kuma bayyana cewa Shaiɗan yana amfani da su wajen jefa gaba tsakanin mutane da kange su daga ambaton Allah da salla. Masu cewa wannan sanin ƙwallo ne, su amsa: in sani ne, me ya sa kamfanin yake maraba da masanan?

A 2024 Hisba ta rufe shagunan caca a Kano, to amma na cikin waya ba shi da ƙofar da za a garƙame. Shi ya sa shawarar a raba mutum da kuɗinsa na ɗan lokaci ta fi dogon wa'azi amfani, domin wanda ya kamu ba a barinsa da alkawarinsa kawai. In kun ga ɗan uwa yana ɓoye fuskar waya, yana kwana kallon sakamakon wasa, yana neman rance kwana uku da albashi, kada ku tona masa asiri a majalisa. Ku keɓe da shi, ku yi masa wannan lissafi a takarda, ku haɗa shi da babba amintacce a gidansu tun kafin wata ya ƙare.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya ba mu ikon faranta wa iyayenmu.