Wannan bangon ya cuci littafin da ke cikinsa

Ba zan ambaci sunan littafin ba, domin marubuciyar ba ta yi laifin komai ba illa yarda da ta yi da mai zane. Littafi ne mai shafi 240, labarin wata mata da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu huɗu, 'yan'uwansa suka yi rub-da-ciki a kan gida da gona, ita kuma ta yi ta zarya tsakanin kotu da zauren mai unguwa. Labari ne mai sosa zuciya. To amma me aka ɗora a bangonsa? Amarya ta sha lalle da gwala-gwalai tana murmushi, ga jar fulawa a gefe, ga dalleliyar mota a bayanta. Haba jama'a! Na karanta littafin nan daga farko har ƙarshe, wallahi ko biki ɗaya babu a ciki.

Na san abin da za a ce: wai hoton mace ne ke sayar da littafi. Wannan tunani mun gaje shi ne tun shekarun 1990, lokacin da littattafan soyayya suka cika teburan Kano, har aka riƙa manna hotunan 'yan fim ɗin Indiya, daga baya na 'yan fim ɗinmu. A wancan lokacin ko ba komai soyayyar ce a ciki. Nan kuwa fa? Budurwar da ta saya don ta sha kalaman masoya za ta tarar da rabon gado da zaman kotu, ta yar, ta gaya wa ƙawayenta littafin ba daɗi. Uwar marayun da aka rubuta labarin dominta, da malamin makarantar da zai iya ba ɗalibansa, ko kallo na biyu ba za su yi masa ba. An yaudari waɗanda suka saya, an kori waɗanda ya kamata su saya.

Sai sunan littafin. Kalma shida ce, aka rubuta da siririn rubutun nan mai lanƙwashe-lanƙwashe irin na katin ɗaurin aure, ja a kan ruwan ƙasa, kuma aka bi da shi ta kan gyalen amaryar. Mai zanen ya gan shi a faffaɗan allon kwamfutarsa ya ji daɗi. Ya manta yau yawancin masu saye a waya suke fara ganin littafi, cikin jerin hotuna inda kowane bango bai fi faɗin santimita 2 ba. Na rage hoton zuwa haka na miƙa wa mutum uku a gidanmu. Duk sun ga amarya, ba wanda ya iya karanta ko kalma guda. Gwajin nan bai kai minti biyu ba, kuma da an yi shi kafin a kai maɗaba'a, da an gane cewa kalma biyu masu nauyi ya kamata a kumbura da farin rubutu mai kauri, sauran huɗun su koma ƙanana a ƙasa.

Wani abin takaici, akwai kalmar "haƙƙin" a cikin sunan. Salon rubutun da aka zaɓa ba shi da ƙ mai lanƙwasa, sai kwamfuta ta aro ta daga wani salon. Ga su nan guda biyu a tsakiyar kalma, tsaye ƙiƙam kamar baƙi a gidan biki.

Ƙashin bayan littafin, wato siririn gefen nan da ake gani idan an jera shi a kanta, shi ya fi tona asiri. Ban yi mamaki sosai ba, don mun saba da ƙananan littattafai na ɗaya, na biyu, na uku, waɗanda ake naɗewa biyu a danna musu fil, ba su da wannan gefen sam. Amma lissafin ba wuya. Shafi 240 takarda 120 ke nan. Takarda mai giram 80 kaurinta wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, saboda haka gefen zai kai kamar milimita 12. Na sa rula na auna abin da mai zanen ya ware: milimita 15. Shi ya sa baƙin launin gefen ya malalo kan fuskar bangon, kawunan haruffan kuma suka karye a kan lanƙwasa. Ai maɗaba'a ake tambaya kaurin takardarta kafin a zana, a kuma bar wa rubutun sararin milimita 2 a kowane ɓangare, don injin ɗauri ba ya taɓa daidaitawa cif.

Kuma an rubuta shi daga ƙasa zuwa sama. Masu sayar da littattafanmu sun fi jibge su a kwance, fuska na sama, sai ga sunan ya koma kai a ƙasa. Sunan marubuciyar ma babu shi a wurin, lambar wayar mai zanen ce ta cinye gurbinsa.

Hajiya, idan Allah ya sa za a sake bugu, don Allah a sauke amaryar nan. Matar da kika rubuta mayafi ne da ita da takardar gida a hannu, ita za a ɗora. Kuma kada ki biya mai zane cikon kuɗinsa sai ya buga miki gwaji guda, kin naɗe shi a jikin littafin kin gani da idonki.