A Fara Da Bango Kafin Ado

Kowace shekara idan Disamba ta kama, akan naɗa kwamitin ado a majami'unmu, a yi karo-karo, matasa su nufi kasuwar Sabon Gari su sayo balan-balan da takardu masu walƙiya. Kafin sabuwar shekara ƙurar hunturu ta lulluɓe su, kuɗi sun ƙare, bango kuwa yana nan da tsagarsa. Ra'ayinmu shi ne, kuɗin jama'a ya fara zuwa kan abin da zai daɗe.

Mu mutanen Zazzau ba sai an koya mana wannan daga nesa ba. Masallacin Juma'a na cikin birnin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim wajen shekarun 1830, ƙawarsa tana jikin ginin ne, wato bakan gizo da ginshiƙai da zanen da aka fitar da laka. Haka ma majami'ar St. Bartholomew ta Wusasa, wadda aka gina da ƙasa lokacin da mishan ta tashi daga cikin birni a 1929. Maƙwabtanmu Musulmi kuma, idan Salla ta gabato, abin da suke sa wa gaba shi ne shara, da wankin tabarmi da darduma, da shafen bango, da gyaran fitilu.

Ginin ƙasa yana da dokokinsa. Yakan sha laima da damina, ya fitar da ita da rani. Idan aka shafe shi da fentin mai, laimar ba ta samun hanyar fita, sai fentin ya kumbura ya ɓare. Siminti ma ba ya zama lafiya a kan laka. Mai son ya gane, ya ƙwanƙwasa bangon da yatsa: in ya ji yana amsawa kamar ganga, to yaɓen ya rabu da jikin gini. Wannan aikin magini ne, a kira shi a biya shi, ba na 'yan gayya ba ne.

Abin da 'yan gayya za su iya shi ne shafen farar ƙasa. A dama ta da ruwa-ruwa kamar madara, a yayyafa wa bango ruwa tukuna, a yi shafe marar kauri sau biyu ko uku, ana barin kwana guda a tsakani. Da sassafe ko da yamma ake yi, domin iskar hunturu tana busar da ita kafin ta kama. Bayan ta bushe a goga tafin hannu. In hannu ya yi fari fat, an yi kauri ko an yi gaggawa, kuma rigunan Kirsimeti ne za su sha. Kada kuma a buga ƙusa a bangon ƙasa, gama kowace ƙusa takan fita da guntun yaɓe. A kafa katako guda ɗaya na dindindin, a riƙa rataya kome a jikinsa.

To, yaya za a raba kuɗin? A ce an tara naira 100,000. Mu dai da za mu ware 50,000 don magini da farar ƙasa da burushi. Sai 20,000 na yadin bagadi da labule, waɗanda zumuntar mata za su wanke su adana don Ista. A ba mai gyaran lantarki 15,000 ya duba wayoyi, domin takarda da busasshen ganyen dabino kusa da kyandir ko tsohuwar waya gobara suke kira. Abincin masu aiki ya ci 10,000, gama gayya ba ta yiwuwa da yunwa. Ragowar 5,000 ita ce ta balan-balan, yara su ji daɗi.

Lokaci ma kuɗi ne. Salla takan matso da kusan kwana 11 kowace shekara, har wani lokaci ta faɗo cikin damina, amma Kirsimeti kullum da rani take zuwa, ba mu da hujjar makara. A rufe karo-karo a ƙarshen Nuwamba. Mako na farko na Disamba na magini ne, na biyu a bar yaɓe ya bushe, na uku shafe, sa'an nan ado a kwanakin ƙarshe.

Daga bisani sai lissafi. Wanda ya karɓi kuɗi kada ya zama shi ne mai saye. Mutum biyu su je kasuwa tare, a rubuta kome, har buhun farar ƙasar da wani ya bayar kyauta. Ran Lahadi ta farko bayan biki, ma'aji ya karanta a gaban ikilisiya. Gwauruwar da ta ba da ɗan abin da take da shi tana da hakkin ta ji inda ya tafi, in kuwa ba ta ji ba, baɗi hannunta zai yi nauyi.

Ku ɗalibai, ku ne za ku hau tsani idan kun koma gida hutu. Kafin ku rataya kome, ku fara ƙwanƙwasa bangon.