Wikipedia ba shaida ba ce, ɗan jagora ce

Duk shekara, idan lokacin duba kundayen kammala karatu ya zo, ana samun ɗalibin da zai rubuta sunan Wikipedia a cikin manazartarsa, malami ya ja jan layi a kai, ɗalibin kuma ya tafi yana ganin an zalunce shi. Ba a zalunce shi ba. Sai dai malamin da ya ce kada a ma leƙa shafin, shi ma bai yi wa ɗalibin adalci ba, domin ya hana shi hanya bai nuna masa wata ba.

Hujja a bincike tana buƙatar mai ita: mutumin da za a iya ambaton sunansa, a san shekarar da ya faɗi maganar da shafin da take, a kuma tuhume shi idan ya yi kuskure. Maƙalar Wikipedia ba ta da wannan. Tun kafuwarta a 2001 kowa na iya gyara mafi yawan shafukanta, kuma jimlar da ɗalibi ya kwafa da safe tana iya sauyawa kafin la'asar. Ita kanta Wikipedia ta hana marubutanta sa sabon bincike nasu, ta kuma hana su kafa hujja da wani shafinta. Abin da mai kaya ya ƙi jingina da shi, ina dalilin baƙo na ɗora kundinsa a kai?

Akwai haɗarin da ya fi wannan. A watan Fabrairu na 2009, da aka naɗa Karl-Theodor zu Guttenberg ministan tattalin arzikin Jamus, wani ya cusa sunan Wilhelm a cikin jerin sunayensa masu yawa a Wikipedia ta Jamusanci. Kafofin labarai suka kwafa, ciki har da shafin mujallar Der Spiegel. Da aka nemi hujjar sunan, sai aka kawo rahoton mujallar. Ƙarya ta fita ta ƙofa, ta dawo ta taga da takardar shaida. Saboda haka lambar da ke ƙarshen jimla ba ta isa ba. Sai an duba ko madogarar ta riga maƙalar fitowa.

To, yaya za a ci moriyarta? A ɗauki ɗalibar da ke son sanin shekarar da aka buga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Tana iya cin karo da 1933 a wani wuri, 1934 a wani. Maimakon ta zaɓi wadda ta fi yi mata daɗi, sai ta gangara ƙasan maƙalar, inda aka jera madogarai, ta ga wace jimla ce ke da lamba, wace ce aka liƙa wa alamar `citation needed`. Mai wannan alama maraya ce, a bar ta. Mai lamba kuwa, a bi ta: idan ta kai ga littafin masani, an samu bakin zare, idan ta kai ga wani shafin da ba a san marubucinsa ba, an koma gidan jiya. Yana da kyau ta buɗe maƙalar Ingilishi ko ta Faransanci tare da ta Hausa, domin ba lalle ne su zama fassarar juna ba, kuma sau da yawa wadda ta fi tsufa ta fi tarin madogarai. `View history` kuma zai nuna mata ko an daɗe ana jan shekarar nan gaba da baya.

Daga nan aikin na ɗakin karatu ne. Littattafai irin su Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya, na 1988, da Poetry, Prose and Popular Culture in Hausa na Graham Furniss, na 1996, sun yi bayanin gasar da Rupert East ya shirya daga Zariya. A nan ne za ta gane cewa shekarun biyu ba gardama suke yi ba: 1933 shekarar gasa ce, 1934 kuma ita ce shekarar da aka saba bayarwa ta bugu. Wannan bambanci shi ne abin da taƙaitawa ke haɗiyewa.

Saura zamba guda, wadda ta fi ambaton Wikipedia muni: ɗalibi ya kwashe sunan Furniss daga ƙasan maƙala ya sa a manazartarsa, alhali bai taɓa buɗe littafin ba. Ya ɗora wa masani maganar da mai yiwuwa bai faɗa haka ba. Gane shi ba wuya: ba ya iya kawo lambar shafi, kuma kuskuren rubutun da ke cikin maƙalar yakan biyo shi har cikin kundi. Gaskiya ne littattafan nan ba sa samuwa cikin sauƙi a Damagaram ko Garwa ko Kumasi. Wanda bai samu ba, ya nemi malaminsa ya ara masa, ko ya ambaci aikin da ya karanta da idonsa wanda ya kawo maganar, ya bayyana cewa daga can ya samo ta.